Fol biyu da ziro biyu a kusurwa ɗaya: ta yaya zan zana amsar wannan filtar, kuma za ta natsu?

Zainab:
Assalamu alaikum. Ina neman taimako a kan wani zane na fol da ziro. Akwai da'ira mai radiyos 1 a tsakiya. A kan da'irar kanta an sa ziro biyu, alamar ○, ɗaya a kusurwar digiri 18 sama, ɗaya a digiri 18 ƙasa. Sai fol biyu, alamar ×, a kan waɗannan kusurwoyin dai, amma sun ɗan shigo ciki, nisansu daga tsakiya 0.95. Ana ɗaukar samfur 1000 a daƙiƙa. An ce in zana yadda girman amsar filtar ke sauyawa da mita, in kuma faɗi ko filtar mai natsuwa ce, ba tare da kwamfuta ba. Na san inda alamomin suke, amma ban san ta inda ake kamo zanen ba.

Sadik:
Wa alaikumus salam. Ɓangaren natsuwa mai sauƙi ne. Ki warware fol ɗin: 0.95 sau cos 18° ya ba da 0.9035, 0.95 sau sin 18° ya ba da 0.2936. Ke nan suna 0.9035 ± j0.2936, duka a hannun dama na layin tsaye. Fol a hannun dama kuwa filta ba za ta natsu ba. Game da zanen, ki ɗauka an shimfiɗa tanti: fol sanda ce da ke ɗaga shi sama, ziro ƙusa ce da ke kafe shi a ƙasa.

Injiniya Bashir:
Malam Sadik, lissafinka na wurin fol daidai ne, amma dokar da ka ɗora masa ta wani filin ce. Maganar hagu da dama ta filin s ce, na filtar analog mai kwandansa da razisto. Zanen Zainab yana da da'ira da adadin samfur a daƙiƙa, saboda haka filin z ne, na filtar dijital. A nan abin tambaya shi ne: fol yana cikin da'irar ko yana wajenta? Dalilin kuwa a bayyane yake. In ka buga wa filtar sigina sau ɗaya ka janye hannu, abin da fol zai ci gaba da fitarwa yana tafiya ne kamar rⁿ, inda r shi ne nisansa daga tsakiya, n kuma adadin samfur da suka wuce. Da r = 0.95, kowane samfur yana rage kashi biyar cikin ɗari na abin da ya rage. Bayan samfur 90 saura kashi ɗaya cikin ɗari, wato milisakan 90 a wannan filtar. Tana mutuwa da kanta, don haka mai natsuwa ce.

Za ka ga inda dokar hagu da dama ke kai mutum ƙasa idan ka ɗauki fol a −1.2. Yana hannun hagu sarai, amma (−1.2)ⁿ girma yake yi, yana tsalle tsakanin sama da ƙasa a kowane samfur.

Yanzu zanen, Zainab. Ki fara da fahimtar cewa mita tafiya ce a kan bakin da'irar. Mita sifiri tana daidai wurin z = 1, can dama. Kina hawa ta sama kina zagayawa har ki isa z = −1 a hagu, digiri 180, nan ne rabin adadin samfur, 500 Hz. Ke nan kowane digiri ɗaya 1000/360 ne, kusan 2.78 Hz, digiri 18 kuwa 50 Hz cif. Rabin da'ira na ƙasa madubin na sama ne, ba sai kin bi ta nan ba, amma alamomin da ke can ƙasa suna shiga lissafi.

Duk inda kika tsaya a bakin da'irar, ki ja layi daga wurin zuwa kowane ziro da kowane fol, ki auna tsawonsu. Girman amsa shi ne:

```
|H| = K × (nisan ziro 1 × nisan ziro 2) / (nisan fol 1 × nisan fol 2)
```

Shi ke nan dokar. In kika zana da'irar da radiyos na santimita 10 a takarda mai gidaje, rula kaɗai ta isa: fol zai zauna a santimita 9.5, tazararsa da ziro rabin santimita.

Mu tsaya a mita sifiri. Daga z = 1 zuwa kowane ziro 0.313, zuwa kowane fol 0.309. Sama 0.313 × 0.313 = 0.0979, ƙasa 0.309 × 0.309 = 0.0955, rabo ya ba da 1.025. A can 500 Hz nisan ziro 1.975, na fol 1.926, amsa 1.05. A 100 Hz, digiri 36, za ki samu kusan 1.04. Kin ga abin da ke faruwa: in kina nesa, fol da ziro da ke manne da juna nisansu kusan ɗaya ne a wurinki, sai su cinye juna a rabon, zane ya kwanta a kusa da 1.

Da kin matso digiri 18 sai labari ya canja. Nisan ziro na sama yana ta raguwa har ya zama sifiri, shi kuwa nisan fol ba zai taɓa gaza 0.05 ba, tunda ba ya kan hanyarki. Sifiri bisa 0.05 sifiri ne. Zanenki ke nan: layi a kwance, rami mai zurfi har ƙasa a 50 Hz, sai ya sake hawowa ya kwanta. Filta ce ta cire gurnanin wutar lantarki daga sigina.

Sadik:
Na karɓa, na haɗa filaye biyu. Amma tantin fa yana nan daram, ko?

Injiniya Bashir:
Yana nan, kuma yana taimaka wa ido. Sai dai ba ya ba da lamba. Tanti zai gaya maka akwai rami, ba zai gaya maka faɗinsa ba, kuma a wurin aiki faɗin ne ake rigima a kai.

Zainab:
Na gode Injiniya, na auna da rula na samu kusan lambobinka. Abu biyu suka rage mini. Faɗin ramin, kamar yadda ka ambata: ina zan sa bakinsa? Sannan wannan K ɗin, ban gan shi a ko'ina a zanen ba.

Injiniya Bashir:
K ba ya cikin zanen, kuma ba za ki taɓa samunsa a can ba. Filta biyu, ɗaya tana ninka sigina sau ɗari fiye da ɗayar, zanensu na fol da ziro iri ɗaya ne. Zanen siffa yake ba ki, tsayin kuwa sai an faɗa miki. In ba a faɗa ba, ki rubuta cewa kin ɗauki K = 1, ko ki zaɓi K = 1/1.025 domin mita sifiri ta wuce ba ƙari ba ragi.

Faɗin kuma yana fitowa daga ƙaramin alwatika. Ki manta da alamomin ƙasa na ɗan lokaci, tunda nisansu kusan daidai yake. Ki matsa daga ziro da tazarar d a bakin da'ira. A ɗan wannan wurin bakin da'irar kamar miƙaƙƙen layi ne, fol kuma yana gefe da tazarar 0.05, a tsaye kan layin. To nisan ziro d ne, nisan fol kuwa dogon gefen alwatikar, √(d² + 0.05²). Ranar da d ya kai 0.05, rabon ya zama 1/√2, wato 0.707, wurin da ake kira −3 dB. Hakan na faruwa a gefe biyu, don haka faɗin ramin 2(1 − r) ne a radiyan, 0.1 a nan. Ki mayar da shi mita: 0.1 × 1000 / 2π, kusan 16 Hz. Bakin ramin yana wajen 42 da 58 Hz.

Ki gwada 58 Hz da cikakken lissafi ki gani. Kusurwa digiri 20.88. Ziro na sama 0.0503, fol na sama 0.0700, ziro na ƙasa 0.666, fol na ƙasa 0.651. Ya ba da 0.73, in kika raba da 1.03 na shimfiɗar gefe kin dawo 0.71. Ƙiyasin ya riƙe. Yana riƙewa ne muddin fol yana kusa da da'ira kuma alamomin ƙasa suna nesa idan aka kwatanta da 1 − r. In r ya sauko zuwa 0.6, ko kusurwar ta matse kusa da sifiri har fol na sama da na ƙasa suka zama maƙwabta, ki koma auna duka huɗun.

Don ki ga aikin kowannensu daban, ki ɗauke ziro biyun ki ajiye su a tsakiyar da'ira. Nisan tsakiya daga ko'ina a baki 1 ne, saboda haka alama a can ba ta taɓa girman amsa ko kaɗan, jinkiri kawai take canjawa. Saura fol. A mita sifiri 1/0.0955, kusan 10.5. A 50 Hz 1/(0.05 × 0.604), kusan 33. A 500 Hz 0.27. Tudu ke nan maimakon rami. Ƙololuwar ma ba a 50 daidai take ba, ta ɗan zame zuwa wajen 49.4 Hz, saboda fol na ƙasa yana janta wurinsa.

Mubarak:
To ni abin da ban gane ba, me ya sa za a yarda da rami mai faɗin 16 Hz? Duk abin da ke tsakanin 42 da 58 an ci masa rabin ƙarfi ko fiye. A tura fol zuwa 0.999 mana, ko a kai shi 1 gaba ɗaya a samu rami siriri kamar zare.

Anti Rabi:
Mubarak, a 1 babu rami kwata-kwata. Fol ya hau kan ziro, sama da ƙasa na rabon sun zama abu ɗaya, a takarda filtar ta koma waya kawai. A na'ura kuma abin ya fi haka muni, domin madaukin da ke mayar da fitarwa cikin filtar yana nan yana aiki da r = 1. Duk abin da ya shige shi, ko ragowar farawa ko ɗan kuskuren yanke lamba, zai ci gaba da kaɗawa a 50 Hz ba ya mutuwa. Ka gina injin yin gurnanin da ka zo cirewa.

Shi kuwa 0.999, akwai farashi biyu. Na farko lokaci. Injiniya ya nuna 0.95 tana lafawa a samfur 90. A 0.99 sai 458, a 0.999 sai kusan 4600, daƙiƙa huɗu da rabi da ɗoriya. Duk sa'ad da sigina ta yi tsalle, filtar za ta yi ta kaɗawa tsawon wannan lokacin, kuma kaɗawar a 50 Hz take, mai kallo zai rantse gurnani ne ya dawo.

Na biyu, wutar lantarki ba ta zama a 50.00. A ce ta zame da rabin Hz, wato d = 0.00314 radiyan. Sa shi a alwatikar Injiniya. Da r = 0.95, abin da zai tsallake kusan 0.063 ne, gurnani ya ragu sau goma sha biyar da wani abu. Da 0.99, 0.30 zai wuce. Da 0.999, 0.95 zai wuce, kamar ba a sa filta ba. Siririn rami yana da amfani ne kawai in abin da kake farauta zai tsaya cak a cikinsa. Ni a irin wannan aikin na fi amincewa da 0.95 zuwa 0.98, sai in akwai sigina mai muhimmanci dab da 50 da ba za a iya asararta ba.

Mubarak:
Ashe faɗin ba aibi ba ne shi kaɗai. To amma ko a hakan, ai ba sai an sha wahalar rula ba. A sa lambobin a kwamfuta ta zana, in zane ya fito lafiya babu inda ya harba sama, filtar lafiya take.

Injiniya Bashir:
Nan ne nake so a tsaya sosai, domin wannan kuskuren ya fi na hagu da dama haɗari. Zanen girman amsa ba ya gaya maka natsuwa. Ba ya iyawa ma.

Ɗauki fol ɗin Zainab ka fitar da su waje, kusurwa ɗaya, radiyos 1/0.95 = 1.0526. Yanzu ka auna. Daga ko'ina a bakin da'ira, nisan sabon fol shi ne nisan tsohon sau 1/0.95, ba a wuri ɗaya ba, a ko'ina. Ke nan siffar zanen ba ta canja ko da ƙwayar zarra ba. Ramin yana 50 Hz, faɗinsa 16 Hz, tsayin gaba ɗaya ne kawai ya sauka sau 0.9025, wanda K zai iya gyarawa. Rula nisa take aunawa, ba ta san ciki da waje ba. Kwamfuta ma haka:

```python
import numpy as np
from scipy.signal import freqz
b  = [1, -1.9021, 1]
a1 = [1, -1.8070, 0.9025]   # r = 0.95
a2 = [1, -2.0022, 1.1080]   # r = 1.0526
print(abs(np.roots(a1)), abs(np.roots(a2)))
```

Ka ba `freqz` kowanne daga cikinsu, zai zana maka kyakkyawan rami ba tare da ƙorafi ba, domin aikinsa kawai ya sa lambobin bakin da'ira cikin lissafin. Amma ka saki ta biyun a kan sigina ta gaske: tana ninkawa biyu kowane samfur 14 ko ƙasa da haka, kafin rubu'in daƙiƙa ta wuce sau dubu ɗari. Layin `np.roots` shi ne ke tona asirin. Tambaya biyu ce daban: siffa daga nisa, natsuwa daga wurin zaman fol. Kuma ta natsuwa ake fara amsawa, don in fol yana waje, zanen da ka yi ba amsar komai ba ne, babu ranar da filtar za ta lafa har a auna shi.

Ga filta mai fol biyu akwai gwaji ba sai ka nemo su ba. In ƙasan lissafin 1 + a₁z⁻¹ + a₂z⁻² ne, ana bukatar |a₂| < 1 da kuma |a₁| < 1 + a₂. Na Zainab: 0.9025 bai kai 1 ba, 1.8070 bai kai 1.9025 ba. Ta wuce.

Zainab:
To ziro fa? Nawa suna kan da'irar daidai. In suka fita waje?

Injiniya Bashir:
Babu abin da zai sami natsuwa. Ziro yana ɓangaren da ke haɗa samfurorin shigarwa ne kawai, babu madauki a wurin, babu abin da zai girma. Ramin ne zai daina kaiwa ƙasa, ko ziro ya fita ko ya shiga. Wajen yana zama matsala ne in kina son juya filtar ki warware abin da ta yi, domin a juyayyiyar ziro ne ke komawa fol.

Anti Rabi:
Ƙari kaɗan, don kada wani ya ɗauki dokar ciki da waje fiye da inda ta tsaya. Ta filtar da ke aiki da abin da ya riga ya wuce ce, samfur yana zuwa tana amsawa. In sigina tana ajiye gaba ɗaya, ana iya bin ta daga ƙarshe zuwa farko, a nan fol na waje yana ba da amsa mai mutuwa ta baya. Zane shi kaɗai ba ya faɗin wanne ake nufi. Amma a na'urar da ke aiki nan take, a ɗauki maganar Injiniya yadda take.

Nura:
Salam. Na bi bayanin nan duka, kuma ga lamarin da dokokinku ba su bayyana mini ba. Filta iri ɗaya, rami a 50 Hz, amma ta sauti, samfur 48000 a daƙiƙa. Na sa r = 0.999, da lissafin Injiniya faɗin ya zo kusan 15 Hz, kamar na Zainab. `np.roots` ya ce 0.999, a ciki. A kwamfuta tana aiki sumul. A kan ƙaramin guntu mai lambobi bit 16 kuwa gurnanin bai fita ba, kuma fitarwar tana rarrafawa gefe guda a hankali har ta manne a iyaka cikin 'yan daƙiƙu. Ina zargin firogiram ɗin ne ke da kuskure.

Sadik:
Ka duba alamar a₁ da a₂. Wasu tsare-tsaren suna so a ba su lambobin da alama a juye, tunda suna tarawa ne maimakon ɗebewa.

Injiniya Bashir:
Wannan yana faruwa ƙwarai, Malam Sadik, kuma ya cancanci a duba. Sai dai alamunsa daban. In aka juya wa filta irin wannan alama, fol ɗaya yana faɗawa can bayan −2, fitarwa ta fashe cikin samfur goma sha wani abu tana tsalle sama da ƙasa. Rarrafe a hankali zuwa gefe ɗaya alamar fol ne a z = 1 ko dab da shi. Malam Nura, yaya ka adana lambobin?

Nura:
Na ninka kowacce da 16384 na ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa, tunda a₁ ta kusa 2.

Injiniya Bashir:
To firogiram ɗinka wataƙila lafiya yake. Zanen da ka duba ne ba na filtar da ke kan guntun ba.

A 48000, 50 Hz digiri 0.375 ne kacal. Alamomi huɗun duk sun cunkushe a bakin z = 1. Lambobin gaskiya: a₁ = −1.9979572, a₂ = 0.998001. Sa su a gwaji na biyu: 1 + a₂ − |a₁| = 0.0000438. Wannan ne duk ratar da ke tsakaninka da rashin natsuwa. Matakin lambobinka kuwa 1/16384 ne, 0.000061. Mataki ɗaya ya fi ratar girma.

Mu yanke kamar yadda ka yi. a₁ sau 16384 = −32734.53, ta koma −32735. a₂ sau 16384 = 16351.25, ta koma 16351. Yanzu ka sa z = 1 a ƙasan lissafin: 16384 − 32735 + 16351 = 0. Sifiri cif. Fol biyunka sun bar kusurwarsu sun sauko kan layin kwance, ɗaya yana 0.998, ɗayan yana zaune a kan da'ira, a z = 1. Fol a wurin mai tarawa ne: duk ɗan karkatar da ke cikin shigarwarka yana tara ta ba ya zubarwa. A lissafi, kowane samfur yana ƙara kashi 1/33 na karkatar. In na'urar ɗaukar sautin tana da karkata ta lamba 10 kawai, fitarwa za ta kai 32767 a samfur kusan 108,000, daƙiƙa biyu da kwata. Ka kwatanta da abin da kake gani.

Ziro ma bai tsira ba. A saman lissafin, 1 + b₁z⁻¹ + b₂z⁻², b₁ = −1.9999572, sau 16384 = −32767.30, ta koma −32767. Cos na sabuwar kusurwar 32767/32768, kusurwar 0.0078 radiyan, wato 59.7 Hz. Ziro yana kan da'ira har yanzu, tunda b₂ bai motsa daga 1 ba, amma ramin ya ƙaura da kusan 10 Hz. Mataki na gaba, −32768, mita sifiri ne. Tsakanin 0 da 59.7 Hz babu wurin da waɗannan lambobin za su iya ajiye ziro.

Gwaji biyu za su tabbatar. Ka ba guntun sautin 60 Hz, ya kamata ya ɓace kusan gaba ɗaya, na 50 kuma ya wuce. Sannan ka mayar da yankakkun lambobin cikin `np.roots`, ba na asali ba.

Nura:
Na sa `[16384, -32735, 16351]`, ya ba ni 1.0 da 0.99799. Allah ya saka. To mafita? Tunanina in koma lambobi bit 32.

Anti Rabi:
Bit 32 zai gyara wurin zaman alamomin, mataki zai yi ƙanƙanta sau dubu sittin da biyar. Amma ka kula da abin da filtar ke ajiyewa tsakanin samfur da samfur. In kana yanke shi zuwa bit 16 kafin ka mayar cikin madauki, kuskuren yankan yana bi ta fol kaɗai, ziro ba ya taɓa shi. Ka tuna tudun da Injiniya ya nuna wa Zainab, mai tsayin 33? Naka a mita sifiri 1/0.0000438 ne, sama da 22,000. Ƙaramin kuskure zai fito a matsayin ƙara mai nauyi a ƙananan mitoci. In siginar da kake bukata ba ta wuce 'yan ɗaruruwan Hz ba, shawarata ka sauke adadin samfur tukuna, ka yi ramin a 1000 inda kusurwar digiri 18 ce kuma ratar 0.0955, sama da mataki 1500 a bit 16 ɗin nan naka.

Injiniya Bashir:
Na yarda da batun ajiyar, dole ita ma ta zama mai faɗi. Sauke samfur kuwa ban cika son sa a nan ba, Anti. Ya ce sauti ne, in yana bukatar mitoci har dubbai ba zai iya zubar da su ba, kuma raba sigina a sake haɗawa yana kawo jinkiri da wata filtar. Akwai tsarin da ke adana r·cos θ da r·sin θ kai tsaye a maimakon a₁ da a₂. A cikinsa wuraren da fol zai iya zama a shimfiɗe suke daidai ko'ina a fili, ba sa yin ƙaranci kusa da z = 1, kuɗinsa ƙarin ninki ne a kowane samfur. Wannan ya magance fol. Ziro sai an sake yi masa nasa tsarin.

Anti Rabi:
Shi ya sa ban kawo shi ba, rabin matsalar yake ɗauka. Malam Nura, har zuwa wace mita kake bukata, kuma guntun yana ninka bit 32 da kansa ko sai ya yi ta gutsure-gutsure?

Nura:
Murya ce, ina bukatar har wajen 4000 Hz. Ninkin bit 32 yana yi, amma ya fi tsada sau da yawa. In na sauko 8000 kusurwar ta zama digiri 2.25, da r = 0.994 faɗin yana nan kusan 15 Hz. Na lissafa ratar, 0.00157, mataki 25 da ɗoriya. Fol ya tsira. Ziro ne ban gamsu da shi ba: a wurin, mataki ɗaya na b₁ yana matsar da ramin kusan 1 Hz, yankan zai iya kauce masa da rabin haka. Zan gwada na 60 Hz a kan tsohon tsarin da farko, sannan in auna zurfin ramin a 8000 kafin in yanke shawara kan bit 32.